Ɗango na Tara

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidan nan game da ni da kakanku Baba Malam, Allah ya jiƙansa. Cewa ake yi wani malami Kirista a Birnin Kudu ya sa na cire sunan Allah daga waƙa, shi ya sa Baba ya daina ba ni rubutun waƙoƙinsa. Rabin maganar gaskiya ne, don ya daina ba ni ɗin. Ɗaya rabin kuwa kawunku Sanusi ne ya ɗinka shi, kuma kun san kawunku, in ya kama zance sai ya yi masa aljihu da maɓalli. Tun da yanzu ni ma ido ya fara gajiya, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina iya ganin layi.

Shekarar da abin ya faru na haura arba'in. Mahaifinku ya rasu, na kwaso ku ku uku na dawo gidanmu na Gwaram, ina koyar da 'yan aji huɗu a firamare da tsohuwar takardar malanta ta mai daraja ta biyu. Sai aka sanar cewa duk malamin da bai kawo takardar NCE ba za a fitar da shi daga aji. Na shiga karatun ƙarshen mako da ake yi wa malamai irina a Birnin Kudu, duk Asabar in bi motar safe, in dawo ran Lahadi da yamma ƙafafu a kumbure. Na ci kowane darasi ban da ɗaya, Adabin Turanci. Ba don ban karanta ba. Ni da nake tsare yara a jarrabawa ina zare musu ido, da aka zaunar da ni a kan benci aka kife takarda a gabana sai hannuna ya ɗauki rawa, kaina ya zama fanko, na fito ban amsa rabin tambayoyin ba. Aka ce in maimaita darasin, kuma wannan ce damar ƙarshe kafin wa'adin karatuna ya cika. In na sake faɗuwa babu takarda, babu aji, sai in zauna da 'ya'ya uku a gidan tsoho makaho in jira a ɗebo mana daga rumbunsa. Wannan tunanin shi nake kwana da shi, shi nake tashi da shi.

Gidanmu kuwa, kun sani, gidan waƙa ne. Baba yana da makarantar allo a zaure, kuma yana tsara waƙoƙin wa'azi da na Maulidi. Tun da idonsa ya tafi ni ce alƙalaminsa. Bayan la'asar zan zauna a gefen buzunsa, yana faɗa ina rubutawa da ajami, in ya tsaya yana neman kalma wani lokaci in jefa masa, ya yi murmushi ya ce Kulu ta riga shi. Ba na jin akwai abin da na fi so a duniya a lokacin kamar wannan zaman. Dokokin gidan a kan waƙa kuwa uku ne, ba a taɓa su. Waƙa tana buɗewa da sunan Allah da salati, tana rufewa da su. Ƙafiya ɗaya, wato amon da ke ƙarshen baiti, ita za ta riƙe waƙa daga farko har ƙarshe, ko baiti ɗari ne. Na uku, babu waƙar da ɗan gidan zai tsara ta fita waje sai an karanta ta a gaban Baba ya sa mata albarka.

Malamin da aka ba mu a shekarar maimaicin sunansa Malam Istifanus, mutumin Filato ne, siriri, mai magana a hankali, Hausarsa ta fi ta wasunmu tsabta. Ya ce mana wani kaso mai tsoka na makin darasin daga aikin gida zai fito, kuma aikin shi ne kowa ya tsara waƙar Turanci irin wadda ake kira sonet, a kan fargabar jarrabawa. Ya rubuta tsarin a allo. Ɗango goma sha huɗu, ba ƙari ba ragi: ƙwar huɗu sau uku, sannan ƙwar biyu a rufe. A kowace ƙwar huɗu ɗango na ɗaya ya amsa wa na uku, na biyu ya amsa wa na huɗu, sannan a watsar da waɗannan amon a ɗauko sababbi, har a zo biyun ƙarshe da za su amsa wa juna, amo bakwai ke nan gaba ɗaya. Kowane ɗango gaɓa goma, mara nauyi sannan mai nauyi, sau biyar. Sai abin da ya ja wa layi biyu a ƙasa, bolta, ya ce mu kira shi juyi. Ɗango takwas na farko su ɗora damuwa, na tara kuma ya juya waƙar ta fuskanci wani waje. Ya ce wasu masu irin wannan tsarin sukan jinkirta juyin sai biyun ƙarshe, amma shi a na tara yake son ganinsa.

Ni kuwa da na ji an ce waƙa sai na gyara zama. A raina na ce yau an zo gidanmu. Na kalli sauran malaman suna ta kwafar allo da gumi, na ji tausayinsu. Ban ma kwafi tsarin duka ba, don ina ganin mutumin da ya rubuta baiti ɗaruruwa ba a koya masa waƙa a allo. Cikin mako ɗaya na gama. Na buɗe da sunan Allah da yabonsa a ɗango huɗu, na faɗi tsorona a tsakiya a gurguje, na rufe da addu'a. Ƙafiya kuwa ɗaya tal na riƙe, na tono kalmomi goma sha huɗu masu amo ɗaya, irin su night da light da fright, ina alfahari da cewa ko sau ɗaya ban saki ba. Na karanta wa Baba ina fassarawa, ya ce madalla, ashe Turawa ma sun san hanya.

Asabar ta gaba da wadda na miƙa, Malam Istifanus ya raba takardu, tawa ya riƙe. Da aka tashi ya ce in tsaya. Babu maki a kanta, sai jan biro a gefe.

"Malama Hauwa, a ajin nan ke kaɗai ce na ga alamar kin san waƙa," in ji shi. "Amma abin da kika kawo ba sonet ba ne. In na auna shi da abin da na rubuta a allo, kin faɗi."

Na ce, "Malam, ɗango sha huɗu ne. Na ƙirga gaɓoɓin, goma-goma ne."

"Goma ne. Karanta min wannan."

Na karanta: *Teachers carry papers into my night.* Ya sa na sake, yana buga tebur da ɗan yatsa. Ya nuna min cewa kunnena tsawon gaɓa yake ji, doguwa da gajera, kamar yadda muke auna karin waƙar Hausa, alhali Turanci nauyin murya yake aunawa, inda ake dannawa. Kalmar teachers a farkonta ake dannawa, carry ma haka, papers ma haka, don haka ɗangon nawa da ƙafar da ba ita ba yake tafiya. Ya ce amon kuma bakwai ake nema, na kawo ɗaya. Na ce a wajenmu sake ƙafiya gazawa ce. Ya ce ya sani, a nan kuma riƙe ta ne gazawar.

"Waɗannan biyun gyara ne," in ji shi. "Babbar matsalar ita ce babu juyi. Tun ɗango na farko kin gaya min Allah ya isar miki. To a na tara ina za ki juya? Kin ba ni maganin kafin ki gaya min ciwon."

"Wato in cire sunan Allah?"

Ya ajiye biron. Ku ji da kyau, don ga abin da ya faɗa, ba abin da kawunku ya ce ya faɗa ba.

"Ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Ki sa shi a kowane ɗango in kina so, ba zan rage miki ko rabin maki don wannan ba. Abin da nake aunawa shi ne ko waƙar ta juya. In kin iya buɗewa da shi ta kuma juya, ki kawo. Na ba ki zuwa Asabar ta sama, daga nan zan miƙa makin aji, ba ni da ikon ƙara miki."

A motar komawa ban san mun wuce garuruwan hanya ba. Takardar tana cikin jakata, ni kuma ina ta lissafin cewa in na rasa makin nan, to sai na yi abin da ban taɓa iyawa ba a ɗakin jarrabawa kafin in tsira, kuma na san hannuna.

Na fara da abin da yake gyaruwa. Na ari ƙamus a wajen hedimastanmu, irin wanda ke sa ɗan alama a kan gaɓar da ake dannawa, duk kalmar da zan sa sai na duba ta. Karin kuwa a bakin turmi na kama shi. Ina taya Inna, kakarku, daka sai na ji ashe shi ne, ɗaga taɓarya ba nauyi, sauke ta da nauyi, sau biyar ɗango ya cika. Na riƙa daka ina gunaguni da Turanci, har Inna ta ce in dai gero ya fara jin Turanci to ita ba za ta sha furar ba. Na jera amona bakwai a bayan takarda. Nan ma na sha wuya, don na haɗa fear da bear ina murna, ƙamus ya nuna min a ido kawai suka yi kama, a kunne kowa hanyarsa daban, dole na zubar da su. Da na gaya wa Baba cewa sau bakwai ake sake ƙafiya a ɗango sha huɗu, dariya ya yi, ya ce masu wannan waƙar ba su da haƙuri. Wannan bai dame shi ba. Da na zo kan maganar mabuɗin waƙar da juyin ɗango na tara ne dariyar ta ɗauke.

Sanusi yana wajen, ya dawo daga gona yana wanke ƙafa. Ban gama bayani ba ya karɓe.

"Ai ga irinta nan. Yau a ce cire bisimilla, gobe a ce cire me? Wallahi Yaya, in kin yarda ni zan je Birnin Kudun in ga shugaban wajen."

Na ce, "Ba wanda ya ce in cire. In ka je ka ɗora wa bawan Allah abin da bai faɗa ba, ni zan fara ƙaryata ka a gaban shugaban."

"To ke da shekarunki ma, mene ne na wannan wahalar? Kai ya riga ya yi tauri. Ki rufe littattafan nan ki huta mana."

Baba ya ɗaga hannu, Sanusi ya yi shiru. Ya juyo da fuskarsa inda muryata take.

"Kulu, in ba a hana ki ba, to ki sa."

Na ce, "Baba, ai a saman takardar ina rubuta bisimilla, kamar kowace takarda."

"Wannan ta takarda ce. Ina ta waƙar?"

Na tashi na shiga ɗaki, ina jin Sanusi a tsakar gida yana maimaita wa Inna labarin, kuma tun a nan ya fara yi masa aljihu.

Kada ku ɗauka ban gwada ba. Kwanakin nan duk a kan gwaji suka ƙare. Na buɗe da sunan Allah a ɗango na farko kaɗai, na bi da tsoro a bakwai, na zo na tara na ce amma. Da na karanta wa kaina sai na ji amman ba ta ɗauke da komai, don abin da zan juya gare shi yana zaune tun a bakin ƙofa. Na gwada akasin haka, in fara da natsuwa in juya zuwa tsoro, in ƙare a cikinsa. Tsarin ya yarda da wannan, Malam Istifanus ma da ya karɓa, amma waƙar da ta fara da Allah ta ƙare da fid da rai ba zan iya karanta ta a gaban Baba ba, ni ma ba zan iya sa sunana a kanta ba. Ina aji ina koyar da yara jam'i da tilo, hankalina yana kan ɗango na tara. Abinci ya daina shiga. Ke Nafisa kina ƙarama lokacin, kin tambaye ni ko zazzaɓi nake, na daka miki tsawa ba laifin komai.

Ran Alhamis da asuba na idar da salla ina zaune a kan darduma, ƙirjina a ɗaure kamar kullum, sai na ji Baba ta bayan bango ya yi bisimilla ya fara tilawa. Kullum yana yi, tun ina yarinya, har na daina ji. Ran nan na ji. Mutumin da ba ya ganin ko tafin hannunsa yana bin aya bayan aya ba tuntuɓe, don ya zuba ta a ka tun ido yana nan. Ƙirjina ya saki kaɗan. Sai na lura da yadda abin ya zo min: tsoron ne ya fara, shi kaɗai, ya daɗe, sannan muryar ta shigo. Haka yake faruwa da ni kowace safiya, kuma haka tsarin da ke allon yake nema. In na sa sunan a farko na bi dokar gidanmu, amma na yi wa halin da nake ciki ƙarya. Kafin in tafi makaranta na rubuta shida na ƙarshe, da na dawo na gyara takwas na farko, na bi kowane ɗango da taɓarya a raina har na tabbatar ba inda ya yi ɗingishi.

Saura doka ta uku. Zan iya sa takardar a jaka in wuce ran Asabar ba wanda ya sani, Baba ba ya gani, Turanci kuma ba ya ji. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye muku ba, amma ban daɗe a kansa ba. Ran Juma'a bayan la'asar, da yara suka watse daga zaure, na zo na durƙusa a gefen buzun. Sanusi ya jingina da ƙofa, Inna ta tsaya daga ciki inda take jin komai tana yin kamar tana tsintar wake.

Na ce, "Baba, na kawo waƙar. Gobe zan miƙa."

"Bisimilla."

Na karanta ɗango biyun farko da Turanci.

*The chalk I gave my pupils turns on me,*
*The clock above the door has learned my name.*

Sannan na fassara: allin da nake ba ɗalibaina ya juyo kaina, agogon da ke saman ƙofa ya koyi sunana. Baba bai motsa ba. Na ci gaba, takarda fara fat iyakar ganina, kowace tambaya kallo ɗaya take yi min. Na nuna masa yadda kalmar me ta Turanci ta amsa wa see a ɗango na uku, name ta amsa wa same a na huɗu, don na san kunnensa zai nema. Ya ce in wuce. Na shiga ƙwar huɗu ta biyu da sababbin amo: bakina ya bushe, yatsuna sun ƙi riƙe biron da na saya don jarrabawar, ana cewa uwar da ta fara tsufa ta rufe littattafanta ta huta. Na ji Sanusi ya gyara tsayuwa a bakin ƙofa, don ya gane maganarsa. Carbin da ke hannun Baba ya tsaya.

"Nawa ke nan?"

"Takwas."

"Takwas, ba a ambaci Allah ba."

"Baba, a ƙara min haƙuri kaɗan."

Na ɗauka zai ce in tashi. Can ya ɗaga carbin kaɗan, alamar in ci gaba.

*But through the wall, before the day is light,*
*My father calls on God, and starts to read.*

Na ce, amma ta bayan bango, kafin gari ya waye, mahaifina yana kiran Allah ya fara karatu. Ba shi da ido, amma ko kalma ɗaya ba ya kuskurewa, ya tara hatsinsa tun kafin ranar buƙata. Sannan biyun ƙarshe masu amsa wa juna:

*So let them ring the bell and shut the door:*
*The One he calls has brought me through before.*

To su kaɗa ƙararrawa su rufe ƙofa, Wanda yake kira ya taɓa fitar da ni a baya.

Na ajiye takardar a cinyata. Inna ta daina ko motsa tiren waken. Baba ya daɗe yana shafa gemunsa.

"Ɗango takwas kin bar mutum shi kaɗai a cikin tsoro," in ji shi. "Da wani ya karanta rabi aka kira shi ya tashi, da me ya tafi?"

Na ce, "Baba, ni ce mutumin. Haka nake tun da aka ce in maimaita."

"Ba ki faɗa min ba."

"Yanzu na faɗa."

Abin da na zo nema kalma huɗu ce, Allah ya yi albarka, wadda yake faɗa wa ko waƙar da yaro ya haɗa ta wasa. Na jira ta, ba ta zo ba.

"Ba zan hana ki kaiwa ba," ya ce. "Aikinki ne, abincin 'ya'yanki ne. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa. Amma waƙar da ta kai ɗango goma kafin ta ambaci Ubangijinta ba ta gidan nan ba ce, ba zan sa mata albarka ba."

Ni ya yi wa addu'a, waƙar ya hana. Na gode masa, na tashi, sai da na shiga ɗaki na yi kukana. Ina da dare ɗaya da zan iya mayar da mabuɗin, in samu albarkar in rasa juyin. Ban taɓa takardar ba. Da safe na bi motar Birnin Kudu.

Malam Istifanus ya karanta a tsaye, yana buga cinyarsa da ɗan yatsa. Da ya zo na tara ya tsaya, ya koma na takwas, ya sake gangarowa. Bai yi wani dogon yabo ba, ba halinsa ba ne. Ya ce ɗango na uku ya fi sauran rauni, kamar don amon kawai na kawo shi, kuma gaskiyarsa ne. Sannan ya rubuta makin a kusurwa ya juyo min da takardar in gani, na nemi benci na zauna. Ranar jarrabawar hannuna ya yi rawarsa kamar yadda ya saba, amma na shiga da abin da zan dogara da shi, kuma da aka rufe ƙofa na karanta biyun ƙarshen nan a zuciyata har rawar ta lafa. Na ci darasin, ba da wani babban maki ba, amma na ci. Da ajin nan na ciyar da ku har kuka zama abin da kuka zama, a cikinsa na yi ritaya.

Kuɗin abin kuwa a zaure na biya shi. Mako na gaba da karanta wa Baba waƙar, bayan la'asar, na ɗauko tawada da alƙalami kamar kullum, sai na tarar da Sanusi zaune a gurbina. Baba bai yi min faɗa ba, bai daina min magana ba, kullum zan gaishe shi ya amsa da fara'a ya tambayi yaran aji. Cewa kawai ya yi karatu ya yi min yawa, in huta. Sanusi kuwa rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan tawada, kuma ko kalma ɗaya bai taɓa jefa wa Baba ba. Ina jin su daga tsakar gida, Baba ya tsaya yana neman ƙafiya, tana bakina, in haɗiye ta. Shekara da shekaru haka. Wannan ya yi min ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma ban taɓa jin haushin Baba ba, don shi ma abin da ya gada ya tsare. Maganar waƙar bai sake tayar da ita ba, ni ma haka, har na tabbata ya manta da ita.

A ciwonsa na ƙarshe ni nake zama da shi da rana in na taso daga makaranta. Wata ranar ciwon ya tsananta, numfashi yana yi masa wuya, kuma na ga abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, na ga tsoro. Leɓunansa suna motsi yana son ya yi tilawa, numfashin ya ƙi kai shi ƙarshen aya. Na kama hannunsa ina karanta masa abin da ya sawwaƙa. Da ya ɗan samu sauƙi sai ya matse yatsuna.

"Kulu, waƙar nan taki ta Turawa. A ɗango na nawa kika ce ake juyawa?"

Na ce, "Na tara, Baba."

"Kina riƙe da ita?"

"Ina riƙe da ita."

Na gyara murya zan ɗauko daga farko, daga allin da agogon. Ya girgiza kai a kan matashi.

"Bar takwas ɗin nan, na san su yanzu. Fara min daga na tara."